Yadda za ka gane halin injin DC: gudu da ƙarfin juyi a shant, siris da mai fil daban

Ka ɗauki injinan DC guda biyu masu girma ɗaya, farantin da ke jikin kowanne ya ce bolt 220, amfiya 40. Ka ɗora wa na farko kaya, gudunsa ya ɗan ragu kaɗan, kunne ma ba zai ji bambanci sosai ba. Ka ɗora wa na biyu kaya iri ɗaya, ya lafa sosai amma ya ja kayan kamar ba komai. Ka sauke masa kayan gaba ɗaya kuwa, sai ya fara kuka yana ƙara gudu, in ba a yanke wuta ba ya tarwatsa kansa. Amecha, wato sashen da ke juyawa, iri ɗaya ce, buroshi iri ɗaya. Abin da ya raba su abu ɗaya ne tak: daga ina koyil ɗin fil, wato wanda ke samar da maganaɗisu, yake samun karant ɗinsa. Na farko shant ne, fil ɗinsa yana kafaɗa da kafaɗa da amecha, na biyu kuma siris ne, fil ɗinsa yana layi ɗaya da ita. Wanda ya riƙe wannan tambaya, sauran duk lissafi ne mai sauƙi, kuma shi za mu bi daki-daki.

Mataki na farko: gano wane iri ne a gabanka

Ka fara da yanke wuta, ka buɗe akwatin wayoyi. A yawancin injina za ka ga A1 da A2, su ne na amecha. Sauran haruffan sun danganta da tsarin da masana'anta ta bi. A tsarin IEC, E1 da E2 na fil ɗin shant ne, D1 da D2 na siris, F1 da F2 na fil mai wutarsa daban. A tsarin NEMA na Amurka kuwa, F1 da F2 na shant ne, S1 da S2 na siris. Ka ga ke nan harafin F kaɗai ba zai gaya maka gaskiya ba sai ka san tsarin da aka bi.

Tsohon inji kuma sau da yawa rubutun ya goge. A nan mita ce alƙali. Ka cire gadojin da suka haɗa wayoyin, ka auna rizistans tsakanin kowane biyu. Fil ɗin shant siririyar waya ce mai naɗi da yawa, za ka ga om ɗari ko ɗaruruwa a inji mai bolt 220. Fil ɗin siris kuwa waya ce mai kauri, naɗi kaɗan, domin duk karant ɗin amecha ta cikinta yake bi, don haka rizistans ɗinta bai kai om ɗaya ba. To, amecha ma ba ta kai om ɗaya ba, yaya za a raba su? Ka ɗaga buroshi daga kan komiteta, wato zoben sandunan tagulla da suke gogawa. Wayoyin da layinsu ya yanke su ne na amecha, waɗanda suka ci gaba da karantawa su ne na siris. In ka sami fil biyu, siriri da mai kauri, to injin mai haɗa biyun ne, halinsa yana tsakanin na shant da na siris.

Bambancin shant da mai fil daban ba a cikin injin yake ba, a haɗin waya yake. In an haɗa siririn fil kafaɗa da kafaɗa da amecha a kan wuta ɗaya, shant ne. In fil yana da tasa wutar, amecha tana da tata, shi ne mai fil daban. Sai dai ka duba faranti, domin a irin wannan na biyun boltij ɗin fil yakan bambanta da na amecha, kuma ba ka da ikon haɗa su tare don kawai ka ga wayoyi huɗu.

Mataki na biyu: dokoki uku da komai ya rataya a kansu

```
V = E + Ia × Ra
E = kΦ × ω
T = kΦ × Ia
```

V boltij ɗin da ka ba amecha, Ia karant ɗinta, Ra rizistans ɗinta. E shi ne boltij ɗin da amecha ke haifarwa da kanta idan tana juyawa a cikin maganaɗisu, kuma yana gaba da wutar da ka ba ta. Φ yawan maganaɗisun fil, k kuma lamba ce ta ƙirar injin wadda ba ta canzawa. T ƙarfin juyi ne, wato ƙarfin da shaf ke murɗa kaya da shi, ana auna shi da N·m. ω gudu ne da rad/s. In kana da rpm, ka ninka da 0.1047 ka samu.

Ga yadda suke aiki tare. Ka ƙara wa inji kaya, sai ya ɗan rage gudu. Da gudu ya ragu, E ya ragu. Da E ya ragu, tazarar da ke tsakaninsa da V ta faɗaɗa, karant ya ƙaru. Da karant ya ƙaru, ƙarfin juyi ya ƙaru, har ya yi daidai da abin da kayan ke nema. Nan injin zai tsaya a sabon gudunsa. Babu wanda ya gaya masa nauyin kayan, E ne ke yi masa awo. Abin da ya rage a sani shi ne, yayin da duk wannan ke faruwa, shin Φ yana nan daram, ko shi ma yana motsi?

Mataki na uku: auna Ra da kΦ

Ra ƙarama ce, kuma mita ta hannu tana yin ƙarya a ƙasa da om ɗaya, domin wayoyin mitar kansu suna da nasu rizistans, ga kuma haɗuwar buroshi da komiteta. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a ɗaure shaf kada ya juya, a bar fil babu wuta, a ba amecha ƙaramin boltij har karant ya kai kusan rabin abin da faranti ya ce, a karanta bolt da amfiya cikin sauri, a raba. A kashe, a ɗan juya shaf da hannu, a sake, kamar sau uku, a ɗauki matsakaici. Kada a daɗe, amechar da ba ta juyawa ba ta samun iska, kuma karant yana zaune a kan 'yan sandunan komiteta ɗaya yana gasa su. Ka kuma tuna cewa tagulla tana ƙara rizistans idan ta yi zafi, kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, don haka awon da ka yi da sanyi zai gaza na inji mai aiki.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Inji ne mai bolt 220, karant ɗin amecha a cikakken kaya amfiya 40. Awo ya ba mu Ra om 0.5, fil kuma om 220, wato yana cin amfiya 1. Mun haɗa shi a matsayin shant, mun tayar da shi babu kaya, takomita mai auna gudu ta nuna rpm 1500, mitar layi ta nuna amfiya 3. Ka lura, amfiya 1 na fil ne, saura 2 na amecha. Mutane da yawa a nan suke fara kuskure, su sa karant ɗin layi a wurin na amecha.

```
E  = 220 − 2 × 0.5 = 219 V
ω  = 1500 × 0.1047 = 157 rad/s
kΦ = 219 / 157 ≈ 1.39
```

Wannan 1.39 tana nufin abu biyu a lokaci ɗaya: kowane amfiya ɗaya a amecha yana ba da kusan N·m 1.39, kuma kowane rad/s ɗaya yana haifar da bolt 1.39. Lamba ɗaya ce, kuma ita ce mabuɗin injin.

Kafin mu wuce, dubi abin da zai faru a daidai lokacin tayarwa. Shaf bai fara juyawa ba, E sifili ne, babu abin da ke tare karant sai Ra. Bolt 220 a raba da 0.5, amfiya 440 ke nan, ninki goma sha ɗaya na abin da aka ƙera injin ya ɗauka. Shi ya sa ba a jona inji mai wannan girma kai tsaye. In kana so karant ɗin tayarwa ya tsaya a amfiya 60, jimillar rizistans dole ta zama kusan om 3.67, wato ka ƙara kusan om 3.2 a layin amecha, ka riƙa rage shi mataki-mataki yayin da gudu ke hawa. Kuma fil ya sami cikakkiyar wutarsa tun farko, kada rizistan tayarwa ya rage masa boltij.

Mataki na huɗu: zana layin shant

Fil yana kan bolt 220 ko da kaya ko babu, saboda haka Φ ba ya motsi. Gudu zai bi E kawai. A amfiya 20, E bolt 210 ne, gudu ya zama 1500 × 210 / 219, kusan rpm 1438, ƙarfin juyi kusan N·m 28. A amfiya 40, E bolt 200, gudu kusan rpm 1370, ƙarfin juyi kusan N·m 56. Ka sa ƙarfin juyi a layin kwance, gudu a layin tsaye, ka ɗiga waɗannan wurare. Za ka ga miƙaƙƙen layi mai ɗan gangara kaɗan. Daga babu kaya zuwa cikakken kaya, rpm 130 kawai aka rasa, ƙasa da kashi goma cikin ɗari. Wannan shi ne halin shant: kaya ya canza, gudu ya kusan tsaya inda yake. Dalilin ke nan da ya dace da injin sassaƙa ƙarfe, fanka, famfo da bel mai ɗaukar kaya a gudu ɗaya.

N·m 56 ɗin nan abin da aka haifar ne a cikin amecha, ba duka ke isa ga kaya ba. Amfiya 2 da injin ya ci babu kaya, wato kusan N·m 2.8, ta tafi a gogayyar boris da buroshi, iskar fanka da asarar ƙarfe. A bakin shaf ka sa ran kusan N·m 53.

Idan ka auna da gaske, da wuya lambobinka su faɗa daidai kan layin, kuma inda suka kauce akwai labari. In gudun ya faɗi fiye da lissafi, ka duba boltij a bakin A1 da A2 lokacin da kaya ke kai, wataƙila wayar da ta kawo wuta ce ta yi siriri, ko buroshi sun cinye, ko sifirin ɗinsu ya saki. In kuwa gudun ya faɗi ƙasa da yadda lissafi ya nuna, ko ma ya fara hawa da ƙarin kaya, to maganaɗisun amecha ne ke karkatar da na fil yana rage shi. Kada wannan ya burge ka. Injin da gudunsa ke hawa idan kaya ya ƙaru ba shi da natsuwa, zai riƙa fizga yana jan karant, kuma za ka ga tartsatsi a bakin buroshi. Shi ya sa manyan injina ke da ƙarin koyil na gyara wannan matsala, wasu kuma a saka musu 'yan naɗin siris kaɗan don layin ya ci gaba da gangarawa.

Mataki na biyar: zana layin siris, a nan a yi hattara

Yanzu ka ɗauki ɗan'uwansa na siris: bolt 220, amecha da fil a haɗe om 0.7, a amfiya 40 yana gudun rpm 1300. E bolt 192 ne, kΦ kusan 1.41, ƙarfin juyi kusan N·m 56. A cikakken kaya ke nan kamar tagwaye suke da na shant. Bambancin yana fitowa ne da zarar ka kauce daga nan.

Tunda karant ɗin amecha shi ne na fil, Φ yana tafiya da karant. Ka rage karant zuwa amfiya 20: maganaɗisu ya koma kusan rabi, karant ma rabi, ƙarfin juyi ya koma kwata, kusan N·m 14. Gudu fa? E ya ɗan hau zuwa bolt 206, amma da rabin maganaɗisu dole amecha ta ninka gudu kafin ta haifar da shi: 1300 × 206 / 192 × 2, kusan rpm 2790. Ka sake ragewa zuwa amfiya 10, ƙarfin juyi ya koma N·m 3.5 kacal, lissafi ya ba da gudu kusan rpm 5770. Inji da aka ƙera don rpm 1300 ba zai kai nan da ransa ba. Ɗaurin naɗin amecha zai saki, wayoyi su fito su goge jikin fil, sandunan komiteta su tashi. Layinsa ba miƙaƙƙe ba ne, lanƙwasa ce da ke faɗowa da sauri daga sama a gefen ƙaramin kaya, sannan ta kwanta a gefen babban kaya.

Daga nan dokar aiki ta fito, kuma ba ta da sassauci: ba a tayar da babban injin siris babu kaya, ba a kuma haɗa shi da kayansa da bel. Bel ya tsinke ko ya zame, kaya ya tafi, inji ya ɓalle cikin daƙiƙu. Haɗin kai tsaye ake yi ko ta giya. Ƙananan injina irin na na'urar huda da hannu suna tsira ne domin gogayya da fankarsu kaɗai sun isa su zame musu kaya. Saboda haka in za ka gwada na siris, ka juya tsarin gwajin: ka fara da birki a ɗaure, ka tayar da ƙaramin boltij, ka riƙa sassauta kaya a hankali idonka na kan takomita, ka tsaya tun kafin ka kai iyakar gudun da faranti ya yarda, hannunka kuma kusa da makashin wuta.

To me ya sa ake son sa duk da wannan haɗari? Dubi ɗaya gefen. A amfiya 60, na shant zai ba ka kusan N·m 84. Na siris, a takarda, zai ba da ninki 2.25 na 56, kusan N·m 126. A zahiri ba zai kai haka ba, domin ƙarfen fil yana ƙoshi da maganaɗisu: bayan wani matsayi, ƙarin karant ba ya kawo ƙarin Φ daidai gwargwado. A ce maganaɗisun ya ƙaru da kashi 20 ne maimakon 50. Ƙarfin juyi zai zama kusan N·m 101, gudu kusan rpm 1000. Duk da haka ya fi na shant a karant ɗaya, kuma ya rage gudu da kansa, don haka bai matsa wa wutar da ke ciyar da shi ba kamar yadda shant zai yi in aka nemi wannan ƙarfi gare shi. Wannan hali, ja da ƙarfi daga tsaye sannan a saki jiki a gudu idan kaya ya yi sauƙi, shi ya sa injin siris ya daɗe yana jan taragun lantarki da jiragen ƙasa, yana ɗaga kaya a kuren, kuma shi ne a sitatar motoci masu yawa.

Mataki na shida: mai fil daban, inda linzami biyu ke hannunka

Mu koma kan injinmu na farko, amma mu raba wayoyin: fil a kan tasa wutar, amecha a kan wutar da za mu iya ragewa da ƙarawa. A bolt 220 a kowane gefe, layinsa daidai yake da na shant, babu bambanci ko kaɗan. Ribar tana fitowa ne idan ka taɓa ɗaya ka bar ɗaya.

Ka bar fil a cike, ka rage amecha zuwa bolt 110. Babu kaya, E bolt 109, gudu kusan rpm 747. A amfiya 40, E bolt 90, gudu kusan rpm 616, ƙarfin juyi kuma yana nan N·m 56 cif. Layin ya sauko ƙasa amma gangararsa ba ta canza ba, rpm 130 ɗin nan dai ake rasawa. Ka zana na bolt 55, na 165, za ka sami layuka jere suna bin juna. Ma'ana kana da cikakken ƙarfin juyi a kowane gudu daga kusan sifili har zuwa gudun faranti. Tsarin da Harry Ward Leonard ya fito da shi a 1891 wannan yake yi, da janareto mai ciyar da amecha. Yau na'urorin sarrafa wuta ne ke yin aikin. Abu biyu dai ka riƙe. Rpm 130 a kan 1500 ƙaramin abu ne, amma a kan 300 kusan rabi ne, don haka a ƙaramin gudu ana bukatar na'urar da ke auna gudu tana gyara boltij. Sannan fankar da ke kan shaf ba ta hura iska sosai a ƙaramin gudu, alhali amfiya 40 tana nan tana dumama amecha. In za a daɗe a haka sai an sa fanka mai injinta daban.

Wani zai ce, me zai hana in rage wa shant boltij haka? Ka gwada a takarda. Ka rage zuwa 110, fil ma ya koma 110, maganaɗisu ya ragu tare da V. Gudu kusan V a raba da kΦ ne, sama da ƙasa sun ragu tare, don haka gudun ba zai sauka yadda kake so ba, ga shi kowane amfiya ya rage ƙarfin da yake bayarwa. Inji ya ƙara jan karant don ɗaukar kaya ɗaya, ya yi zafi, kai kuma ba ka sami ragin gudun ba.

Linzami na biyu na hawa sama da gudun faranti ne. Ba za ka wuce bolt 220 a amecha ba, sai dai ka rage fil. Ka rage maganaɗisu zuwa kashi 80: kΦ ya koma kusan 1.12, a amfiya 40 gudu ya hau zuwa kusan rpm 1710, amma ƙarfin juyi ya sauka zuwa kusan N·m 45. Ka ninka E da karant, bolt 200 sau amfiya 40, kilowat 8 ne a nan, kilowat 8 ne a can. Ba ka ƙara wa inji ƙarfi ba, musanya ka yi, ka ba da ƙarfin juyi ka karɓi gudu. Kuskuren da ke ƙona amecha shi ne a rage fil alhali kayan na nan yana neman N·m 56 ɗinsa. Inji zai ba da shi, amma da amfiya 50. Zafin amecha yana tafiya da karant a ninka da kansa, don haka ƙarin kashi 25 a karant ƙarin kashi 56 ne a zafi. Duk lokacin da ka taɓa fil, idonka ya koma kan mitar amecha. Kuma rage karant ɗin fil da kashi 20 ba lallai ya rage maganaɗisu da kashi 20 ba saboda ƙoshin ƙarfe, don haka ka bi takomita, kada ka bi maɓalli.

Hanyar rage fil in aka bi ta har ƙarshe, ramin siris ake faɗawa. Wayar fil ta tsinke, ko fis ɗinsa ya ƙone, a shant ne ko a mai fil daban, abin da ya rage ɗan guntun maganaɗisu ne da ya maƙale a ƙarfe. E ya faɗi, karant ɗin amecha ya yi tsalle. In kaya ba shi da nauyi, inji ya ɓalle da gudu. In da nauyi, ya tsaya cik yana shan karant har kariya ta yanke ko hayaƙi ya tashi. Saboda haka kada a sa wa layin fil wani makashi da zai iya buɗewa amecha na da wuta, a kuma sa rile mai lura da karant ɗin fil, wanda zai yanke amecha da zarar ya ɓace. Wajen kunnawa fil ne farko, amecha ta biyo baya. Wajen kashewa amecha ce farko. Fil ɗin kuma koyil ne mai naɗi da yawa, in aka yanke shi farat ɗaya yana harba boltij mai yawa da zai iya huda rufin wayarsa, don haka a sa masa dayod ko rizista a gefensa da zai sha wannan harbin.